Shekara 16 ina aiki, ina so in ajiye in koma kiwon kaji

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 43, ina aiki a wani kamfani a nan Kano shekara 16 ke nan, albashina naira 320,000. Ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyata tana hannuna. Na tara naira miliyan 9, ina da kewayayyen fili a bayan gari. Wani abokina ya ce in zuba kaji masu ƙwai guda 1,000, zan riƙa kwasar kiret 28 kullum. Yanzu buhun abinci naira 17,000 ne, kiret kuma 4,500 a gona. Gaskiya aikin ya ishe ni, ba ƙarin girma, ba ƙarin albashin kirki. Maiɗakina tana tsoro. Ta yaya zan gane ko lokacin ajiyewa ya yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka miƙa takardar ajiye aiki a bana. Sana'ar da ka zaɓa sana'a ce ta gaske, akwai masu riƙe gida da ita har su aurar da 'ya'ya, amma da kuɗin da ke hannunka da kuma yawan kajin da aka ba ka shawara, jarin zai ƙare tun kaza ko ɗaya ba ta saka ƙwai ba. Zo mu zauna mu yi lissafin tare, da farashin da ka aiko, ka ga da idonka. Inda ba ka ba ni farashi ba zan ƙaddara, kai kuma ka gyara da abin da ka tarar a kasuwa.

Ɗan tsakon da ka saya yau ba zai fara ƙwai ba sai ya kai mako 18 zuwa 20, wato wata huɗu da rabi zuwa biyar. A tsawon wannan lokaci ci kawai yake yi. Kowace kaza za ta ci abinci kimanin kilo bakwai da rabi kafin ta fara saka, kaji 1,000 ke nan za su lashe kilo 7,500, buhu 300 na mai kilo 25. A kan naira 17,000, abinci kaɗai ya tashi miliyan 5 da dubu 100. Mu ƙaddara ɗan tsako ɗaya naira 1,500 ne har ya iso hannunka, domin yawancinsu daga Ibadan ake ɗauko su, ga kuɗin mota: miliyan ɗaya da rabi. Sai rigakafi, su Gumboro da Lasota da sauransu, da magani, da gawayin ɗumama su a makonnin farko, da ɓuntun shinkafa ko dusar katako ta shimfiɗa, da ruwa, da albashin yaron gona. Mu ce 700,000, kuma na tausaya. An kai miliyan 7 da dubu 300. Har yanzu ba mu aza bulo ko ɗaya ba. Kaji 1,000 a ƙasa suna bukatar rumfa mai faɗin kusan murabba'in mita 200, da kwano da waya da mazubin abinci da na ruwa, kuma abin da ya rage cikin miliyan 9 ɗinka da wuya ya gama ta.

To a waɗannan watanni biyar ɗin, me gidanka zai ci? Nan ne mafi yawan ma'aikata suke faɗawa rami. Wanda ya shekara 16 yana jin ƙarar saƙon banki a ƙarshen wata, jikinsa ya saba da cewa wata yana da ƙarshe, kuma a ƙarshensa akwai kuɗi. Kiwo bai san ƙarshen wata ba. Cefane da kuɗin makaranta da maganin Hajiya ba za su jira kaji su balaga ba, kuma da yake babu wani wurin ɗauka, hannu zai riƙa kai wa kuɗin abincin kaji. Daga nan sai a fara rage musu abinci ko a koma mai araha, su kuma su yi jinkirin fara ƙwai, jinkirin ya ƙara cin kuɗi. Na ga gonaki da dama da aka sayar da kajinsu suna mako 15 ko 16, a farashin asara, saura ƙiris su fara biya. Wanda ya saya shi ya ci wahalar mai gonar.

Ko sun fara ƙwan ma, ba a rana ɗaya suke farawa ba. Makon farko za ka tsinci ƙananan ƙwai 'yan kaɗan, irin waɗanda masu saye ke rage wa kuɗi. Sai a hankali adadin ya riƙa hawa, ya ɗauki wata guda zuwa wata ɗaya da rabi kafin ya kai ƙololuwa. A ce cikin dubun nan 940 ne suka rayu, wanda hakan kiwo ne mai kyau ga sabon shiga. Kowace za ta ci kimanin giram 120 a rana, jimilla buhu huɗu da rabi, naira 76,500 kullum, Juma'a da Lahadi da ranar Sallah. Kafin ƙwai ya biya wannan kuɗin sai ka sayar da kiret 17, ƙwai 510 ke nan. Ma'ana sai fiye da rabin kajin sun saka a rana sannan suka ciyar da kansu kawai, kai ba ka samu ko sisi ba.

Kiret 28 da abokinka ya faɗa yana yiwuwa, amma a 'yan makonnin ganiya ne, a gonar da komai ya daidaita. Abin da ya kamata ka yi lissafi da shi a shekara shi ne kashi 80 cikin 100, kuma ko shi sai an dage. Wannan zai ba ka kiret 25, naira 112,500. Cire abinci, saura 36,000. Cire ma'aikaci da magani da ruwa da man kai kaya da ƙwan da ya fashe, mu ce 10,000, saura 26,000 a rana, wato 780,000 a wata. Ka ga adadi mai faranta rai, ya ninka albashinka har da ɗori. Sai dai ba duka ne naka ba. Kajin nan shekara guda ko ɗan fiye za su yi suna ƙwai mai riba, daga nan su ja baya, dole ka kawo sababbi, kuma sababbin sai an fara renonsu tun tsofaffin suna kan aiki. Idan ka raba miliyan 7 da dubu 300 ɗin reno a kan wata 12, kowane wata sai ka ware kusan 600,000. Abin da ya rage na ci bai kai 200,000 ba. Ribar da ake gani a dunƙule tana zuwa ne a ƙarshe, ranar da aka sayar da tsofaffin kajin, da ɗan abin da kashinsu ke kawowa daga manoman da ke sayen taki. Wannan ranar kuwa tana nesa da ranar farawa da kusan shekara ɗaya da rabi.

Kuma duk wannan lissafin ranar lafiya ne. Bari in nuna maka yadda yake da rauni. Idan kiret ya sauko daga 4,500 zuwa 4,000, ribar rana ta faɗo daga 26,000 zuwa 13,500. Idan a kan haka buhu ya ƙara naira 2,000, saura 4,500. Idan farashi bai motsa ba amma zafin Afrilu ya sauko da ƙwai zuwa kashi 65, kiret 20 za ka kwasa, ribar ta koma 3,500. Ba labarin tsoratarwa nake ba ka ba, abubuwa ne da suka faru a gabanmu. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ƙwai ya yi kwantai a gonaki, masu kiwo suna neman mai ɗauka ko a nawa ne, kaji kuwa ba su daina ci ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ɗin, masara da waken suya da kuɗin mota suka tashi, gonaki da yawa suka rufe. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda tun da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 take zuwa tana komawa, kuma in ta shiga gona ba a maganar magani, sai dai a hallaka kajin a binne.

Saboda haka awon farko na shiri shi ne wannan: bayan ka ware duk kuɗin da sana'ar za ta ci har ta fara ciyar da kanta, wata nawa gidanka zai iya yi ba ka taɓa jarin ba? A kiwon kaji masu ƙwai ni ba na yarda da ƙasa da wata tara, shekara ta fi. Kuma kada ka ƙiyasta kuɗin gida da ka. Ɗauki littafi, kai da maiɗakinka, ku rubuta duk abin da ya fita na wata uku, har kuɗin kati da gudummawar biki da abin da ake tura wa ƙauye. Kusan duk wanda na sa ya yi haka ya dawo yana mamaki, domin abin da ke fita ya ɗara albashin, giɓin kuma ana cike shi da adashe da bashin ofis da ɗan alawus ɗin da ba a lissafa shi. A ce gidanka yana cin 320,000 ɗin cif, wata tara kusan miliyan 3 ne. Jarinka na gaskiya ke nan miliyan 6, ba 9 ba.

Akwai kuma abubuwan da aiki ke ba ka waɗanda ba sa fitowa a saƙon banki. Idan kamfaninku yana biya muku inshorar lafiya, ranar da ka fita katin ya mutu, haihuwa ko kwanciyar asibiti ɗaya kuma tana iya cinye abincin kaji na mako biyu. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 a asusunka, kai kana zuba kashi 8, wannan ma zai tsaya. Na san wasu suna sa kuɗin fansho cikin lissafin jari, to ka sani wanda bai kai shekara 50 ba, abin da doka ta ba shi dama ya cira bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun ba, shi ma sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Sauran sai ka cika 50, shekara bakwai nan gaba. Ni ko kashi 25 ɗin ma ba na son a zuba shi a kaji, gara ya zauna a matsayin abin da za a waiwaya in rana ta ɓaci. Sannan ka duba ko akwai bashin ƙungiyar ma'aikata ko na banki da ake cira daga albashi, domin ranar fita za a nemi a cire shi gaba ɗaya daga haƙƙinka. Har mai kantin unguwa da ke ba gidanka kaya zuwa ƙarshen wata, albashin nan yake kallo.

Awo na biyu ya fi na kuɗi wahalar aunawa, kuma a ganina shi ne ya fi raba masu ɗorewa da masu komawa neman aiki. Ka taɓa sayar wa wanda bai san ka ba wani abu, ka karɓi kuɗinka a hannu? A wasiƙarka ka faɗi farashin kiret, amma ba ka faɗi wanda zai ɗauki kiret 25 kullum ba. Ƙwai ba gero ba ne da za a jibge a ɗaki a jira farashi. A zafin Kano in ya yi mako biyu ya fara lalacewa, dillalai kuma sun san haka sarai. Suna shigowa gona su ga kiret ya taru har rufi, su san kai ne a matse, su yanka farashin da suka ga dama, ko su ce a ba su sai sun sayar. Ma'aikacin ofis yana da wani rauni a nan wanda ba laifinsa ba ne: ya saba a zo wurinsa, bai saba ya je ya tsaya a gaban teburin mai shayi yana jira a sallami masu indomi kafin a saurare shi ba. Kuma yana jin nauyin bin bashi.

Ni kaina a nan na fara karyewa. Shekarar da na fara, akwai wani mai kanti da ke ɗaukar kiret goma duk bayan kwana uku, mutum mai fara'a, kullum da addu'a a bakinsa. Ya biya na farko da na biyu, daga na uku ya fara cewa a haɗa da na gaba. Ina jin kunyar in ce masa a'a saboda ya girme ni, ga shi shi ne babban mai sayena. Ranar da abinci ya ƙare na je wurinsa da safe, na same shi yana shirya kiret ɗin wata gonar a kan kanta, nawa bashin ya kai kiret sittin. Ya ce in ƙara haƙuri. Na dawo na tarar da kaji sun taru a bakin waya suna kuka, mazubai fayau, sai da na ranci kuɗin buhu biyu a wurin ƙanena. Tun daga ranar na kafa ƙa'ida: ba a ɗaukar sabon kaya sai an biya na baya, ko wane ne. Na rasa masu saye biyu, sauran suka saba.

Don haka ga abin da nake so ka yi, kuma kana kan aikinka za ka yi shi. Kafin ka sayi ɗan tsako ko ɗaya, fara da sayar da ƙwan wasu. Ranar Asabar ka je gona ka sari kiret 15 ko 20, ka zaga da su wurin masu shayi da kantuna da masu gidan burodi da matan da ke yin kek da cincin na biki. Ribar kiret ba za ta taka kara ta karya ba, wataƙila ma man mota ya cinye ta, amma ba ita ake nema ba. A wata uku za ka san wa ke biya nan take, wa ke ja, wa ke son manyan ƙwai, kiret nawa ke fashewa a hanyar gonarka, da kuma yadda kasuwa ke sanyi in makarantu sun yi hutu. Za ka kuma san kanka. Idan Asabar ta zo kana jin kamar a ɗage, kana neman yaron da za ka aika a madadinka tun mako na uku, wannan amsa ce, kuma gara ka same ta da asarar dubu hamsin da ka same ta da asarar miliyan tara. Idan kuwa ka wayi gari masu shayi suna kiranka da kansu suna cewa Alhaji yau ba a kawo ba, to ka samu abin da ya fi rumfa daraja. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan nan sai ka zuba kaji 200, ba 1,000 ba. Da lissafinmu na ɗazu, 'yan tsaki 300,000, abinci buhu 60 wato miliyan ɗaya da dubu 20, sauran tarkace kamar 200,000, jimilla wajen miliyan ɗaya da rabi, sai 'yar rumfa wadda za ka gina ta yadda za a iya ƙara mata tsawo daga baya. In sun fara, kusan buhu ɗaya za su ci a rana su ba ka kiret biyar, adadin da masu sayen da ka riga ka tara za su shanye ba tare da dillali ba. Kaji 200 ba za su riƙe gidanka ba, kada ma ka sa rai. Amfaninsu shi ne duk kuskuren da za ka yi a kan dubu za ka yi shi a kansu, a kashi ɗaya cikin biyar na farashin, albashi kuma yana shigowa.

Lokacin zubawa ma yana da muhimmanci. 'Yan tsakin da aka kawo a Oktoba ko Nuwamba za su fara ƙwai a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40, kaza ta buɗe baki tana haki, ta rage ci, ɓawon ƙwai ya yi laushi. Waɗanda aka kawo a Yuni ko Yuli za su fara a Nuwamba ko Disamba, cikin sanyi, bayan kaka, lokacin da masara ta fi sauƙi a Dawanau a yawancin shekaru. Sai dai renon damina yana son a kula da shimfiɗa kada ta jiƙe, domin danshi ne ke kawo zawon jini. Ka nemi likitan dabbobi tun kafin su iso, ya rubuta maka jadawalin rigakafi ka manna a bango, kada ka dogara da abin da mai shagon magani ya ce.

Da yake kana ofis da rana, dole wani ne zai zauna da su, kuma nan za ka koyi darasi na uku, wato riƙe ma'aikaci. Ka sa littafi a gona mai layi biyar kacal: kwanan wata, kaji nawa suka kwana, nawa suka mutu, abinci nawa aka zuba, ƙwai nawa aka tsinta. Kullum da yamma ka biya ka duba, ka ƙirga buhunan da suka rage da hannunka. Littafin nan yana magana. In abinci yana tafiya daidai amma ƙwai ya ragu, kaji kuma garau suke, babu zafi babu canjin abinci, to ƙwan yana bin wata hanya. In cin abinci ya faɗi kwana biyu a jere, ciwo na tafe ko ruwa ya yanke, ka kira likita tun kafin ka ga gawa. Wuni ɗaya ba ruwa a watan Afrilu ya isa ya kashe kaji da dama, ya kuma dakushe ƙwan sauran na makonni. Shekarunka 16 a kamfani za su yi maka rana a nan, domin ka san rubutu da lissafi da bin ƙa'ida, abin da masu kiwo da yawa ba su damu da shi ba. Ka buɗe wa gonar asusun banki nata daban, ko kiret ɗaya aka kai gida a rubuta a biya.

Kafin ka fara, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta, wasu kamfanoni suna hana ma'aikaci wata sana'a sai da izini, kuma a nan za ka ga notis na wata nawa ake bukata. Ga masu karatu da ke aikin gwamnati, kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya togace noma. Kada kuma gona ta ci lokacin ofis, albashin da kake karɓa amana ce har ranar da ka fita, kuma fita da mutunci tana barin ƙofa a buɗe.

Tsoron maiɗakinka kada ka ɗauke shi a matsayin rashin goyon baya. Ita ce ke riƙe da tukunya, ta fi ka sanin abin da mudu ke yi a gidan mutum takwas. Zauna da ita da wannan lissafin, ku yanke adadin da ba za a taɓa ba ko me ya faru, ku kuma yanke iyakar asarar da in an kai ta za a tsaya. Matan da aka yi shawara da su tun farko su ne ke jure watannin da babu, har su karɓi sayar da ƙwai a cikin gida. 'Yan'uwa kuma ka shirya musu amsa tun yanzu, domin da zarar an ji kana da gona za a ɗauka kuɗi ya zo, kowa zai aiko a ba shi kiret, ga mai neman rance daga kuɗin da yake na abincin gobe ne. Ka ware abin kyauta na wata, in ya ƙare ya ƙare.

Ka ce aikin ya ishe ka, kuma na yarda, shekara 16 a kujera ɗaya ba ƙarin girma abu ne mai cin rai. Abin da nake jin tsoro shi ne gajiya tana sa lissafi ya yi kyau fiye da yadda yake, mutum ya saki reshe ya kama ganye. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da gobe za a ƙara maka girma a ninka albashin, za ka ci gaba da maganar kaji? In amsar a'a ce, abin da kake bukata canjin wurin aiki ne, kuma nemansa ya fi sauƙi kana kan wani. In kuwa ko an ninka zuciyarka tana gona, to gwajin nan ba zai yi maka nauyi ba, zai ma rage maka zafin ofis, domin ka san inda ka dosa.

Ranar da za ka rubuta takardar, ina so waɗannan su kasance a hannunka. Garken gwajin ya ratsa zafi guda da damina guda, littafinsa cike ba tsallake, mutuwar reno ba ta wuce kashi 7 ko 8 cikin 100 ba, ƙwai kuma ya zauna a wajen kashi 80 na watanni. Masu sayen da ke biya suna neman fiye da abin da kake iya kawowa, har kana cikowa daga wasu gonaki, kuma babu mutum ɗaya da ke ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayanka. Kuɗin gida na wata tara yana ajiye daban, ban da jari. Sannan garke na biyu, mai 500 ko 600, ya riga ya fara ƙwai kana kan albashi, yadda watanni biyar na reno za su wuce a kan wuyan aiki, ba a kan wuyan iyali ba. Da miliyan 9 ɗinka wannan tsarin yana yiwuwa ba tare da cin bashi mai ruwa ba, kuma zai ɗauke ka shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ka yi istihara, ka nemi albarkar Hajiya. Asabar mai zuwa kuma ka je gonaki biyu, ɗaya mai tafiya, ɗaya wadda aka rufe, ka roƙi masu su su ba ka awa guda. A wurin na farkon ka nemi ganin littafinsa na watan Afrilu. Na biyun kuma ka tambaye shi a mako na nawa kuɗinsa ya ƙare, da wanda ya riƙe masa bashi. In ka yi wata uku kana sayar da ƙwan, ka sake rubuto mini da adadin kiret da sunayen unguwannin da kake kaiwa, mu duba girman rumfar da za ka fara ginawa. Allah Ya sa albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.